Keken Suruki

Gado mai gyaran keke ya shekara ashirin da biyu a gindin dogonyaro ɗaya a Sabon Garin Maraɗi, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne keke mai kwalliya. In ka kawo mishi keke duk tsatsa sai ya tarbe ka da fara'a. In ka kawo wanda ya sha ado, to ka shirya ganin taɓe baki.

A shekarar da aka karya darajar sefa, ranar wata Talata da hantsi, maƙwabcinsa Hamidu ya zo ya tsuguna gabansa ya zaro hoto daga ambulan. Hamidu shi ke buɗe ruwa a gonakin rani na Jiratawa, kilomita goma da ɗoriya daga Maraɗi. Kuɗin mota ya tashi, gari kuma kullum yajin aiki, sau uku ke nan yana makara manoma na zaginsa. Shugaban ƙungiyar manoman ya faɗa mishi ƙiri-ƙiri, in ya ƙara ta huɗu a ba wani makullan ruwan. Ya sayar da ragunansa biyu don ya sayi keke.

"Baba Gado, duba mini wanga. Daga Tibiri aka aiko da shi. An ce ɗan Ingila ne, jika arba'in da biyar."

Gado ya goge hannu a wando ya karɓa. Hoto ne na sutudiyo, da labule mai zanen bene a baya. Wani dattijo ya sha babbar riga, ya dafa sirdin keke yana murmushi kamar wanda ya ci zaɓe.

"Irinsa dai ya yi maka," in ji Gado. "Babban keke ne, taya lamba ashirin da takwas, giya ɗaya, birkin ƙarfe ba na waya ba. Ga kariya ta ɗaukar kaya, ga sirdi mai sifirin, ga dinamo da fitila don fitar asuba. Hanyar Jiratawa irinsa take so."

Hamidu ya washe baki. Gado kuwa ya ƙara matso da hoton kusa da ido, sai ya ja tsaki.

"Amma ɗan Ingila? Kai, jama'a! Tambarin kaɗai ne ɗan Ingila, shi ma a karkace aka liƙa shi. Wannan kariya da wannan fitila kayan China ne, na kwance irinsu sun fi ɗari. Dubi feda kuma. In ta dama na ƙasa, ta hagu sama ya kamata ta miƙe sak. Wannan ta zube gaba, kotar da ke riƙe ta ta cinye. Sarƙa an rufe ta cikin gidanta, ba ni iya ce maka komi a kanta."

"Waɗannan ai ana gyarawa, ko Baba?"

"Ana gyarawa. Wanga ne ba ya gyaruwa." Ya ɗora farcensa mai baƙin mai a gaban keken. "Tsakanin tayar gaba da bututun bodi na ƙasa, hannu ya kamata shi wuce. Nan yatsa ma da ƙyar. Ƙarfen da ke riƙe da tayar ya lanƙwasa baya, ke nan keken ya yi karo gaba da gaba. In haka ta faru, bututun nan yakan tsage daidai ƙarƙashin wuya. Yanzu faɗa mini, ina aka naɗa roba mai launi?"

Hamidu ya duba. Duk wanda ya san masu keke ya san in za a yi wa keke ado da roba, bodin gaba ɗaya ake naɗewa. Wannan kuwa ja da kore aka naɗa kamu ɗaya rak, daidai ƙarƙashin wuya.

"Da lafiyarsa ƙalau, jika ashirin da biyar ya isa. A yadda nike ganinsa, kuɗin tayu da sirdi da fitila ne kawai, jika goma. Wane marar tsoron Allah ne wanga?"

Hamidu ya sunkuyar da kai ƙasa. "Malam Abdulmutallib ne. Baban Zainabu."

Zainabu matar Hamidu ce. Gado ya miƙa mishi hoton. Da dillalin kasuwa ne da sauƙi, wannan sana'arsa ce. Amma mutum ya je sutudiyo, ya biya mai hoto, ya yi murmushi, don ya cuci mijin ɗiyarsa! Ya kuma san sarai suruki ba a taya mishi kaya, ba a ce mishi a ga ƙarƙashin roba. Kunyar yaron ya auna, ya sa mata kuɗi.

"Aika ka ce ka fasa."

"Da wane baki, Baba? Ya ce wani ya ba da hamsin ya hana, don ni ya aje. Zainabu har ta faɗa wa mata babanta ya yi mini alheri."

"To in ya karye da kai a gangara, alherin zai ɗora maka ƙashi?"

Hamidu ya miƙe tsaye. Ya maida hoton cikin ambulan ya tafi.

Ranar Alhamis sai ga shi ya turo keken, ya biya arba'in da biyar cif. Gado bai ko amsa gaisuwa da kyau ba, ya sa reza ya tsaga robar. Ga tsaga nan ta zagaye rabin bututu, an cusa mata sabulu an shafe da baƙin fenti. Gado ya tofar da yawu gefe.

Akwai wani tsohon bodi rataye a reshen dogonyaro, fentinsa ya koɗe amma ƙarfensa lafiya lau. Gado ya sauke shi ya ce Hamidu ya biya abin da ya samu. Wuni guda ya yi yana maida tayu da sirdi da birki a kansa, ya sa sabuwar kota, ya shafa fenti. Da ya gama, Hamidu ya yi ta murza hannu.

"Baba, don Allah a maida tambarin. A naɗa robar ma yadda take. Kada Zainabu ta gane."

Gado ya maida tambarin. Sa'an nan ya naɗa ja da kore a kan bututu mai lafiya, yana yi yana tsaki. Tun daga ranar Hamidu bai ƙara makara ba.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, sai ga babbar rigar cikin hoto ta tsaya a inuwar dogonyaro. Malam Abdulmutallib ya yi sallama mai tsawo, ya ce ya ga Hamidu bisa keke ras, amma shi ya san kayansa, ya gane an sauya bodi. Ya ɗaga kai ya hangi tsagaggen bodin a reshe, inda Gado ya rataye shi.

"Malam, wancan ai ba ya da amfani gare ka. Nawa za ka bar mini shi? Ina da tayu a gida. Mijin ƙaramar ɗiyata Tasalla ya samu aiki, shi ma yana neman abin hawa."

Gado ya miƙe. Ya sauko da bodin, ya taka shi da ƙafa, ya ɗauko zarto. Dattijon na tsaye yana "a'a, a'a, tsaya mana" har bututun ya rabu biyu. Gado ya tura mishi guntayen da ƙafa.

"Kyauta ne, Malam. Ɗauki ka kai sutudiyo."