Falon Gwaggo Mai Labule

Gwaggo ɗinkin labule take yi, kuma falonta shi ne shagonta. Duk wanda ya shiga sai ya tattara jikinsa, don ko ina ka juya akwai abin fashewa. A kan ɗan guntun teburin tsakiya akwai tasa cike da ƙwallayen gilashi masu launi, kewaye da ita ƙananan kyandirori masu batir, a taga kuma igiyoyin labule ne ke reto da tuntayensu na duwatsu. Ita da magenta kaɗai ne a gidan. Magen ma ba don ta iya taka-tsantsan ba ne, sau nawa ana raba ta da igiyar nan.

Da matar ƙaninta ta koma aiki, sai aka fara kawo wa Gwaggo yaronsu sau biyu a mako. Bai cika shekara biyu ba, amma ana ce masa Injiniya, saboda duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ga hanjinsa. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ba ta faɗa wa kowa, amma ranakun nan biyu su take jira, sauran kwanakin ɗinki ne kawai.

Maman Injiniya sharaɗi ɗaya ta kafa. Ranar farko ta kwashe ƙwallayen da kyandirorin ta ɗora can saman kabad, ta naɗe igiyoyin ta rataye a ƙusa kusa da silin.

"Yaya, don Allah ki bar su haka in yana nan. Igiyar nan tana iya shaƙe shi. Batiran nan kuwa sun fi gilashin haɗari."

Gwaggo ta ce to, a ranta kuwa ta ce iyayen zamani da iyayi suke. Duk da haka ta kiyaye, har wata rana da wata mai otal ta bugo waya cewa tana hanya, tana son ganin samfuri. Gwaggo ta dubi falon, ta ga ya zama kamar ɗakin jiran likita. Wa zai sayi labulen da aka ɗaure wa igiya a ƙusa? Ta sauke komai ta jera, ta kunna kyandirorin, ta saki tuntayen. Ai ɗan lokaci ne, kuma idonta na kansa.

Idonta kuwa yana kan yadi. Ita da baƙuwar suna can bakin taga suna jayayya a kan launi, ruwan toka ko ruwan ƙasa, Injiniya ya fara ƙorafi, Gwaggo ta miƙa masa kyandir ɗaya don ya yi shiru, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ya kuwa yi shiru, shirun da duk uwa za ta tashi ta duba. Can sai mage ta daka tsalle ta cafko tuntu, ta dira a kan teburin, tasar ta kife. Ƙwallayen nan ba su da kauri, sai suka tarwatse kamar ɓawon ƙwai.

Gwaggo ta sure yaron ta duba tafin ƙafarsa da hannunsa, ba ko ƙwarzane. Ta sallami baƙuwar, ta kora magen banɗaki ta rufe, ta share, ta bi da jiƙaƙƙen tsumma don ƙananan ɓarɓashin. Ta mayar da komai sama, igiya ta koma ƙusarta. Kafin uwar ta zo da yamma, falo ya koma yadda aka bar shi, in ban da tasar da ta zama fanko.

"Ina ƙwallayenki, Yaya?"

"Magen nan ce ta hau kabad ta turo su. Shi yana ɗaki yana barci."

Ƙaryar ta fito mata sumul, har ita kanta ta ji mamaki. Uwar ta yi mata jaje, ta durƙusa tana saka wa yaron takalmi. A nan ne Gwaggo ta hango kyandir ɗin nan a ƙarƙashin kujera. Ta ɗauka a ɓoye ta danna, bai kama ba. Ta juya gindinsa. Murfin ya ɓalle, ramin batirin babu komai.

Ta leƙa ƙarƙashin kujerar, ta shiga kicin ta tona sharar da ta zubar, gilashi kaɗai ta gani. Ta dawo ta tsaya. Yaron yana wasa da jakar uwarsa, sai dai miyau na zuba a gaban rigarsa, kuma ta tuna ɗazu ya ture abincinsa. Haƙori ne, in ji zuciyarta. In ta yi shiru za su tafi, jibi a dawo mata da shi. In ta yi magana, ta san abin da za ta rasa. Abin da ya fi ba ta kunya daga baya shi ne, sai da ta tsaya ta auna. Har uwar ta kama hannun ƙofa.

"Dakata," in ji Gwaggo, ta buɗe tafin hannunta. "Ba barci yake ba. Ni na ba shi wannan, kuma ban ga batirin ba."

Maman Injiniya ta dubi kyandir ɗin, ta dubi rigar ɗanta. Ba ta yi faɗa ba, Gwaggo kuwa da faɗan ta fi so.

"Bari in sa masa yatsa ya amayar," in ji Gwaggo.

"A'a, ba a sa su amai. Ɗauko wani kyandir ɗin, su ga irin batirin. Mu tafi asibiti yanzu."

A asibiti ba a bar su sun bi layi ba. Hoton da aka ɗauka ya nuna shi ƙarara, ɗan zagaye kamar maɓallin riga, maƙale a hanyar abinci. Likitar ta ce irin wannan batirin in ya jiƙe ƙona nama yake yi, kuma cikin sa'o'i kaɗan yake ɓarna, don haka yanzu za a sa yaron barci a zura bututu a ciro shi.

"Tun yaushe ya haɗiye? Wa ke tare da shi?"

Ƙanin Gwaggo ya iso lokacin, yana haki. A gabansa, da gaban matarsa da ma'aikatan jinya, Gwaggo ta zayyana komai: baƙuwar, igiyar da ta saki, kyandir ɗin da ta miƙa da hannunta, da sharar da ta tsaya yi. Ƙanin da ta goya yana jariri ya sunkuyar da kai, ya kasa dubanta. Ji ta yi kamar ta nutse a ƙasa.

An ciro batirin. Ya fara ƙona wurin, amma bai huda ba, aka ce za a riƙe yaron a sa masa ido. Gwaggo ta koma gida ɗauko musu kaya, ta buɗe banɗaki, ta tarar da sawun jini a kan tayil. Magen da ta ɗora wa laifi tana lungu tana lasar ƙafa, da tsinin gilashi a tafinta. Ta naɗe ta a tawul ta kai wa likitan dabbobi, a can ma sai da aka tambaye ta yadda aka yi.

Washegari ta sami Injiniya kwance, an ɗaura masa ruwa a hannu. Da ya gan ta ya miƙo ɗayan hannun, don shi bai san komai ba. Uwar ta matsa mata a gefen gado.

"Na gode da kika faɗa, Yaya. Da mun tafi gida da shi haka, da wani zancen ake yi."

Gwaggo ta zauna. Ta daɗe tana wasa da yatsun yaron kafin ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In an sallame ku, ranar da za ki koma aiki..."

Maman Injiniya ta gyara wa ɗanta bargo, ta sake gyarawa.

"Mamata za ta zo ta zauna da mu. Ki riƙa zuwa kina ganinsa, Yaya, duk ranar da muke gida."

"To," in ji Gwaggo. Yaron bai saki yatsanta ba, ita ma ba ta janye ba.