Shanu Ɗari da Arba'in da Shida

Wata biyu shafin Dakta Edna Gyet yana kan intanet, ba wanda ya kira ta saboda shi. Likitar dabbobi ce a Kafanchan, ta bar aikin wata gonar kaji tana cin gashin kanta, da babur ɗaya da akwatin magani. Rabin aikinta a rugage yake, kuma ta hannun mutum ɗaya ta same shi: Ardo Sada, dattijon da ya zauna da shanunsa a bayan Kwoi. Shi ya fara yarda da ita, shi ya ce wa sauran makiyaya su bar ta ta taɓa dabbobinsu.

Rukayya ce ta gina mata shafin, a wani ƙaramin shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Da Edna ta kai mata kuka, Rukayya ta buɗe ƙididdigar masu ziyara ta nuna mata. Mutum ɗari huɗu sun shiga a wata guda, yawancinsu sun fita kafin rabin minti, babu wanda ya taɓa maɓallin WhatsApp. Ta ce laifin ba na maɓallin ba ne. Shafin cike yake da takardun makaranta da hoton Edna cikin farar riga, alhali mai kajin da ke mutuwa yana neman ya ga wani irinsa da aka taimaka wa ne.

"Anti, digirinki ba ya warkar da zawo," in ji Rukayya. "Ki ba su labarin aiki. Me kika tarar, me kika yi, me ya fito. Da lambobi. A ƙarshe mu sa maɓallin, daidai inda mutum zai ce ai nawa ma haka suke."

Edna ta rubuta labari uku: na wata mai kaji, na wani mai aladu, da na Ardo Sada. Na Ardo ya fi kyau. Bara waccan maruƙa goma sha biyu cikin talatin da ɗaya suka mutu masa. Ta gano ana tatse uwayen kafin maruƙa su ƙoshi da dakashi, suna kuma shan ruwan wani kududdufi. Ta gyara shayarwa, ta tsara maganin tsutsar ciki, aka koma shayar da su a rafi. Bara biyu kacal suka mutu cikin talatin da huɗu. Domin labarin ya yi ƙarfi, ta sa sunansa, da sunan rafin, da yawan garken: shanu ɗari da arba'in da shida. Ita ta ƙirga su ranar allura, don ta san yawan maganin. Ardo bai taɓa faɗin adadin ba, ko gare ta. Ta haɗa da hoton garken da ta ɗauka. Ranar ta tambaye shi ko ta ɗauka, ya ce ta ɗauka mana, shi ke nan.

Ranar Litinin aka sa labaran, Edna ta tura adireshin a zaurukan WhatsApp na manoma da na coci. Zuwa Alhamis saƙo goma sha ɗaya suka shigo, bakwai daga labarin maruƙan.

Saƙo na goma sha biyu ya zo Jumma'a da safe, tana shan shayi. Lambar ba hoto, ba suna. Mutumin ya yaba aikin, sannan ya tambaya ko rugar tana gabas da rafin ko yamma, kuma ko babbar mota za ta iya shiga. Edna ta tambaye shi wace dabba ce ba ta da lafiya a wurinsa. Ya ce so yake ya je ya gani da idonsa. Bayan ɗan lokaci ya ƙara tambaya: samari nawa ne ke kwana da garken?

Ta ajiye kofin. A yankin nan ba wanda yake buƙatar a yi masa bayanin irin wannan tambaya.

Ta iske Rukayya tana buɗe shago, ta miƙa mata wayar ba tare da gaisuwa ba. Rukayya ta karanta sau biyu, ta zauna, ta sauke labarin daga shafin cikin minti ɗaya. Sannan ta gaya mata gaskiya a hankali. Mutum ɗari biyu da goma sun riga sun buɗe shi. Kan labarin da layukansa na farko za su ci gaba da fitowa a Google sai ya sake duba shafin. Za ta tura wa Google buƙatar a cire, amma yana iya ɗaukar kwanaki. Wanda ya ɗauki hoton fuskar wayarsa kuwa, babu hanyar karɓowa.

"Ni na ce ki sa lambobi," in ji Rukayya. "Ban tambaye ki ko mai shanun ya sani ba."

"Ke ba ki taɓa shiga ruga ba. Ni na sani, na manta."

Ta kira Ardo, wayarsa ba ta shiga. A rugar sai an hau tudu ake samun layi. Ta tura lambar baƙon da hoton saƙonnin ga wani jami'in tsaro da take duba masa karnuka, ta hau babur.

Tafiyar ta ɗauke ta fiye da awa. Bayan Kwoi ta bar kwalta ta bi ta gonakin citta. Duk babur da ya biyo bayanta sai ta rage gudu ta bar shi ya wuce, tana kallon fuskar mai shi. A mashigar rafin ta ga sawun tayar mota a laka, ta tsaya tana dubawa, ba ta iya gane ko na yau ne ko na masu kwasar yashi ba.

Shanun suna nan. Ta gan su warwatse a fadama kafin ta ga bukkokin, ta ƙirga samari uku a gefensu.

Nene, uwargidan Ardo, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo nono. Ardo ya fito da fara'arsa yana tambayar ko yau ranar allura ce ya manta. Edna ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali da dabbobi, domin ko wuta ake yi ba a tsallake wannan. Sannan ta faɗa masa komai bi da bi: shafin, labarin, sunansa, rafin, saƙon. Adadin ta bari a ƙarshe.

"Nawa kika ce?"

"Ɗari da arba'in da shida, Baffa."

Nene ta ɗauke ƙwaryar nonon ta shige.

"Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya bai san wannan ba," in ji Ardo. "Ni kaina ba na ƙirga su da baki. Na san kowace da sunanta da uwarta. Ke kika ƙirga, don magani, na kau da kai. Yanzu kin kai kasuwa."

Ta ce ta yi kuskure, ba ta kawo wani uzuri ba. Ya nemi ganin hoton. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kunnen wata saniya. Ko ba suna, in ji shi, duk wanda ke zuwa kara zai gane wannan tsagar kunnen ta gidansu ce. Edna ta shekara shida tana kama kunnuwan nan, ba ta taɓa tunanin su ma suna ne ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya kira babban ɗansa Zakariyya suka yi magana da Fulatanci. Kafin la'asar aka tattara garken, aka raba shi biyu, aka kora zuwa wurin surukansa da wurin wani ɗan'uwa, tafiyar yini biyu. Ciyawar fadamar nan ita ya yi wa tanadi tun farkon rani, ga shanu masu ciki da bai so su yi doguwar tafiya ba. Edna ta roƙi ta bi su da akwatin magani. Ya ce ta koma gida, yamma tana yi.

Mako uku ba ta ji daga gare shi ba. Rugage biyu da ke kiranta suka daina. Baƙon bai sake rubutowa ba, lambarsa ta daina shiga, kuma har yau ba a san ko ɓarawo ne ko mai son gani ba. Labaran kaji da aladu suna kawo aiki kaɗan-kaɗan, bayan ta koma wurin masu su ta karanta musu kowane layi, mai aladun ya ce a cire sunan unguwarsa.

Ran nan Zakariyya ya kira. Wata karsana ta kasa haihuwa, Baba ya ce a kira Likita. Ta je sabon wurin, ta yi aikin awa biyu, maraƙi ya fito da rai. Tana wanke hannu Ardo ya gaya mata saniya ɗaya ta yi ɓari a hanya. Bai ce laifinta ba ne, bai kuma ce ba nata ba ne. Sai ya tambaya ko labarin nan da gaske ya sa mutane sun neme ta. Ta ce mutum bakwai, kuma huɗu cikinsu maruƙansu ne ke mutuwa.

"To su ma a gaya musu maganar dakashin," ya ce. "Amma ni zan ji shi tukuna."

Ta zo da sabon rubutu bayan kwana biyu. Babu suna, babu rafi, babu adadin garke: wani makiyayi a kudancin Kaduna. Cikin kowane maruƙa goma kusan huɗu ke mutuwa, yanzu ko ɗaya ba ya cika. Hoton hannunta ne kawai da kwalbar magani. Ta karanta da Hausa, Zakariyya ya mayar da Fulatanci don Nene ta ji. Ardo ya sa aka cire kalmar fadama, Nene ta ce a rubuta cewa matan gidan ne suka canza yadda ake tatsa, domin su suka yi. Aka rubuta.

Rukayya ta sa shi a shafin. Ta gyara saƙon da maɓallin ke buɗewa da shi, ya zama tambaya uku: wace dabba, me ke damunta, tun yaushe. Saƙo biyar suka zo a makon farko, duka kan dabbobi marasa lafiya.

Ranar allurar damina Edna ta zo da magani fiye da yadda take buƙata. Zakariyya yana kama shanun ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu, Ardo yana tsaye yana kallon bakinta. Har aka gama ba ta ƙirga ba.