Gashi a Bakin Zanen Ya Kaltum

Ridwanu yana shiga wata na huɗu gashin uwarsa Ikilima ya fara bin mataji. Ba kaɗan-kaɗan ba. In ta tsefe kitso sai ta ga dunƙule a tafin hannunta kamar an yi wa yaro aski, in ta tashi barci matashin kai ya yi baƙi-baƙi. Wannan kuwa ita ce Ikilimar da duk unguwarsu a Nguru aka san ta da gashi, wadda masu kitso ke cewa sai sun ci sun ƙoshi kafin su zauna mata. Da tana da ciki ma kauri ya ƙara. Yanzu ga goshi yana ja da baya ta gefe biyu.

Ta ɗaure kai da ɗankwali ta yi gum. Ko mijinta Dunoma, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Gashua, ba ta nuna masa ba. Shi kuma, Allah sarki, irin mazan nan ne da sai an canza musu ƙofar gida kafin su lura an taɓa wani abu.

Wadda ta lura ita ce uwarsa, Ya Kaltum. Ta zo daga Yusufari tun ranar da Ikilima ta dawo daga wankan jego, don ta kama mata renon yaro. Ikilima ta rasa mahaifiyarta tun tana firamare, saboda haka ta riƙe tsohuwar nan hannu bibbiyu. Ita ke dama mata kunun kanwa, ita ke karɓar yaro ta ce je ki kwanta. Ikilima tana sonta, so na gaske, har tana yi wa ƙawayenta alfahari da ita.

Sai wata safiya, ta taga, ta hango Ya Kaltum durƙushe a kan tabarma tana tsintar wani abu sili-sili. Ta naɗe shi a yatsa, ta waiga hagu da dama, ta ƙulle a bakin zanenta. Gashi ne. Washegari ta ga ta zare wani daga tawul ɗin yaro. Rana ta uku ta ga ta tsuguna bayan ɗaki tana tona ƙasa da tsinke.

Ikilima ta kira yayarta Halimatusa'adiya a Nguru, wadda ba a taɓa kai mata labari ta rage masa tsawo ba.

"Tsinta take yi?" in ji yayar. "Ta ƙulle? Ta binne? Ke Ikilima, wa ke tara gashin mutum don Allah da Annabi? Kafin ta zo gashinki na zuba?"

"A'a, Yaya."

"To ki lissafa da kanki. Ni ban ce komai ba."

Ta faɗi komai kuwa. Daga ranar Ikilima ta fara kallon kunun kanwa kamar ba shi ta saba sha ba.

Ranar awon yara, bayan an sauke Ridwanu daga sikeli, ta tsaya har layi ya ƙare. Ta matsa kusa da Malama Rahima, ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi haihuwarta, ta ɗaga ɗankwali kaɗan.

Malama Rahima ko mamaki ba ta yi ba. "Watansa nawa? To, daidai lokacinsa. Kin ga, kowane silin gashi yana da wa'adinsa. Ya yi shekaru yana tsiro, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Da kina da ciki, sinadaran cikin sun riƙe wanda ya kamata ya faɗi, shi ya sa kika ga ya yi kauri. Kina haihuwa sinadaran suka sauka, gashi mai yawa ya shiga hutu lokaci guda. Hutun ne ya ƙare yanzu, shi ne yake zuba tare."

"Ba shayarwa ba ce?"

"Ba ruwan nono, ci gaba da ba shi. Saiwar tana nan da ranta." Ta taɓa gefen goshinta. "Zubar za ta lafa nan da 'yan watanni, ki fara ganin gajeru suna tsaitsaye a nan. Yawanci kafin yaro ya shekara kai ya cika, wasu sukan ɗan haura." Ta ja fatar idon Ikilima ta duba. "Jininki ba laifi. Amma in ya wuce shekara bai daina ba, ko kina yawan kasala da bugun zuciya, ki zo a auna jini. Kuma ki hutar da shi daga kitso mai ja."

Ikilima ta fito da sanyin rai. Sanyin ya raka ta har bakin titi, inda ta tsaya jiran keke napep. A nan wani tunani ya zo ya zauna mata: to, an gaya mini dalilin zuba, wa zai gaya mini dalilin tsinta?

Zargi in ya samu wurin zama ba ya rasa abinci. Ta fara share ɗakinta da kanta tun kafin tsohuwar ta idar da lazimi. Ta daina barin mataji a waje. Kunu kuwa ta ce yana sa ta ƙwannafi. Ya Kaltum ta ga duk wannan, ta ɗauka gajiyar reno ce.

Akwai wani abu da tsohuwar ke yi kullum bayan wanka. Takan ɗora Ridwanu a cinya, ta ware yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya tana magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, wanda Ikilima ba ta ji sai gaisuwa. Da, wasa Ikilima take ɗaukar abin. Ran nan ta fito daga kicin ta ga silin gashi, dogo, nata, ɗaya bakin a hannun Ya Kaltum ɗaya a ƙafar yaron.

Ba ta san lokacin da ta fizge yaron ba.

"Ya, me kike ɗaura masa?"

Tsohuwar ta ɗago. Ta dubi silin da ke hannunta, ta dubi Ikilima, ta daɗe tana dubanta.

"Ɗaurawa," ta ce a hankali. "Ni. Jikana."

Da Dunoma ya dawo ta ce masa gero ya isa yanka a Yusufari, gobe za ta tafi. Ya ce ai akwai masu yi, ta ce ta sani. Da safe ta ɗaure kayanta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta kalli Ikilima ba, ta ce, "Ki riƙa duba ƙafarsa."

Ikilima ta kai wa yayarta wannan magana da ɗuminta.

"Kin ji ko!" in ji Halimatusa'adiya. "Da bakinta ta faɗa. Ƙafar ta nufa. Ki rufe masa ita, kar ido ya gani."

Haka Ridwanu ya koma sa safa a zafin Gashua, safe da yamma, kamar ɗan ƙwallo. Gashi kuwa bai san an yi tafiya ba, ya ci gaba da zuba. Sai dai yanzu ba mai bin sa sili-sili. Yana kan gado, yana cikin kwandon wanki, yana manne da kayan yaro.

Ba a yi mako biyu ba, wata rana bayan wankan safe yaron ya fara kuka. An ba shi nono ya ƙi, an goya shi ya ƙi. Ta shafa cikinsa, ta duba kunnensa, ta yi masa tofi. Har azahar yana tsala ihu, muryarsa ta dushe. Sai da ta rasa abin dubawa sannan ta zare safar. Yatsan tsakiya na ƙafar dama ya kumbura ya yi jajir, bakinsa ya fara duhu, gindinsa ya shige ciki kamar an ɗaure bakin buhu.

Da mayafi a hannu ta isa asibiti. Malama Rahima ta sa aka riƙe ƙafar, ta haska fitila, ta sa ɗan ƙarfe mai siririn baki ta ɗago abin daga cikin nama, ta datse, ta warware a hankali. Sili ɗaya ne, dogo. A hankali launin yatsan ya fara dawowa.

"Kin yi sa'a kin zo yanzu. Da ya kwana, wata maganar ake."

"Malama," in ji Ikilima, "ɗaura masa aka yi?"

"Wa zai ɗaura? Naki ne. Ya shiga safa, yaro yana motsa yatsu, ya naɗe, yana kumbura yana ƙara shiga. A watannin nan da gashi ke zuba aka fi ganinsa. Ki riƙa juya safa kina kakkaɓewa, ki tattara duk wanda ya faɗi, ki ware yatsunsa kullum ki duba. Ba ki da tsohuwa a gida? Ai su ba sai an gaya musu ba."

Ikilima ta zauna a benci ta yi kuka, kuka mai yawa, har matan da ke layi suna ce mata ai ya warke, ki gode wa Allah. Ba su san kukan ba na yatsa kaɗai ba ne. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba a san inda za a ajiye ta ba.

Da ta gaya wa Dunoma komai, sai ya ce, "Binnewar ma ai don ke ce. A wurinmu ba a barin gashin mai jego a fili, kar wani mugu ya tsinta."

Ranar Juma'a suka hau mota zuwa Yusufari. Sun tarar da Ya Kaltum a tsakar gida tana sussukar gero. Ta amsa gaisuwa yadda ake amsa wa baƙi, cikakkiya, ba ragi. Ta karɓi Ridwanu, ta duba yatsan, ta duba sauran, ta yi hamdala. Ikilima ta durƙusa ta ce, "Ya, ki yafe mini. Na zalunce ki."

"Na yafe," in ji tsohuwar. "Allah ya yafe mana duka."

"Ki dawo gida, Ya."

"Aiki ya yi yawa a nan."

Ikilima ta sunkuyar da kai, ɗankwalin ya ɗan zame. Wani sili ya sauko ya kwanta a kafaɗarta, dab da fuskar yaron. Hannun Ya Kaltum ya riga tunaninta, ta tsince shi, har ta fara naɗewa a yatsa. Sai ta tsaya. Ta warware shi, ta kamo hannun Ikilima, ta buɗe tafin, ta ajiye mata a ciki.

"Ungo," ta ce. "Riƙe kayanki."