Gyaran Amsa ta Shida

Wallahi da Rakiya ta san abin da takardar nan za ta jawo mata, da ta bar ta a cikin kwamfuta ta ruɓe. Shekararta ta farko ke nan tana koyarwa a jami'a a Aliero, ƙarƙashin Dakta Abdussalam mai kwas ɗin rumbun bayanai. Shi ya ce ta haɗa wa 'yan aji uku tambayoyin bita da amsoshinsu a kan view da stored procedure da trigger. Ta zauna a gida a Jega ta tsara su tsaf, ta tura a zauren WhatsApp na ajin, har tana jin kanta wata babba.

Sai da ta kwana biyu sannan ta ce bari ta gwada amsoshin a MySQL, manhajar da suke karatu da ita. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Da ta zo ta shida, manhaja ta ce ba ta san zancen ba.

Tambayar mai sauƙi ce. A rubuta trigger, wato umarnin da ke tashi da kansa idan an taɓa teburin bayanai, wanda zai sa wa ɗalibi A ko B ko F da zarar an shigar da makinsa. Irin wannan dole ya tashi kafin a ajiye layin ɗalibin a tebur, da kalmar BEFORE, domin a lokacin ne ake iya canza abin da ke cikin sabon layin. Ita kuwa baiwar Allah ta kwafo kan amsa ta bakwai ta manna, ta bar AFTER a wurin. Bayan an ajiye layi kuwa manhajar ba ta yarda trigger ya gyara shi ta wannan hanya. Ko ƙirƙirarsa ma ba ta bari a yi.

"Innalillahi," in ji Rakiya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, kwana biyu cur takarda tana hannun aji guda, ba wanda ya ce uffan. Ashe ba mahalukin da ya buɗe kwamfuta ya gwada. Hadda kawai ake yi.

Nan take ta tura gyara a zaure: a amsa ta shida, a soke AFTER a sa BEFORE, ga kuma dalili. Dalilin nan layi huɗu ne. Aka yi ta turo mata babban yatsa da "Allah ya saka, Malama."

Washegari ta isa Aliero ta tarar da shagon hoton takardu na bakin ƙofa ya riga ya buga tsohuwar, an ɗinke ta da bango shuɗi, har an rubuta sunan Dakta a kai. Ta nemo Muhsin, wakilin ajin, ta ce ya bi kowa ya faɗa masa.

"An gama, Malama," in ji Muhsin. "Kowa ya ji. AFTER ba kyau."

"Ban ce AFTER ba kyau ba! Na ce a amsa ta shida."

"Eh, shi nika nuhi."

Ta dube shi, ya dube ta da fuskar mutumin kirki. Ta ƙyale shi, don hankalinta na wani wuri. Mutum ɗaya ne bai buɗe saƙonta ba, kuma shi ne wanda bai kamata a ce ya rasa shi ba.

Imrana Audu tare suka shiga jami'a da Rakiya. Ita ta gama, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo tana koyarwa. Shi kuwa kwas ɗin nan guda ya riƙe masa wuya, ya faɗi, ya sake, ya faɗi. Bana ce damarsa ta ƙarshe. In ya sake faɗuwa, shekarunsa na zama ɗalibi sun ƙare, zai koma gida hannu rabbana. Muhsin ya ce tun ranar da takarda ta fito Imrana ya sayi tasa ya tafi Maiyama, ana cirar albasa a gonar babansa, kuma can wayarsa ba ta kamawa. Jarrabawa kuwa jibi.

Haka Rakiya ta rataya jakar kwamfuta, ta hau mota ta koma Jega, ta sauya wata zuwa Maiyama, tana matse tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai kaji. Daga tasha ɗan acaba ya kai ta gona. Duk hanya tana zagin kanta a zuci, in ta gaji ta koma kan Imrana.

Ta same shi a inuwar rumfa yana yanke ganyen albasa, takarda mai bango shuɗi a buɗe a gefensa, an danne ta da dutse. Bakinsa na motsi.

"A'a! Malama da kanta? Lahiya kinka zaka?"

"Ina lahiya, Imrana? Amsa ta shida ba daidai take ba. Ni na yi kuskure."

Ya ajiye wuƙa. Fuskarsa ta canza kamar an ce masa ruwa ya shiga rumbu.

"Don Allah, Rakiya, kar ki ɓata min hadda. Na riƙe ta tun daga hwarko har ƙarshe. Kika taɓa kalma guda, duka za ta zube."

"To karanto min. Mine ne view?"

Ya rufe ido ya zubo da Turanci, ko waƙafi bai tsallake ba: view tambaya ce da aka adana da suna, ana duba ta kamar tebur, amma ba ta ajiye bayanai da kanta. Stored procedure jerin umarni ne da aka ajiye a rumbun, sai an kira shi yake aiki. Trigger kuwa ba a kiran sa, taɓa tebur ke tayar da shi.

"Madalla. To in na canza makin wata ɗaliba, mu ce Husna, a tebur, na buɗe view ɗin da ke nuna maki, tsoho zan gani ko sabo?"

Ya kalli takarda.

"Wagga tambaya ba ta ciki."

Rakiya ta ji kamar ta ɗauki albasa ta jefe shi. Haba! Yanzun nan ya gama faɗin amsar da bakinsa, bai ma san ya faɗa ba. Ta zauna a kan buhu, ta buɗe kwamfuta, ta tura masa.

"Wanke hannunka. Kai za ka buga."

Ya yi ta gunaguni, amma ya buga. Ya canza makin Husna a tebur, ya buɗe view, sai ga sabon maki. Ya ce, "Au." Ya buga amsa ta shida yadda ya haddace ta, manhaja ta ƙi. Ya sa BEFORE, ta karɓa, ya shigar da maki, harafin B ya fito da kansa.

"Shi ke nan, na gane," in ji shi, ya jawo biro. "BEFORE ad daidai." Kafin ta ankara ya wuce amsa ta bakwai zai soke AFTER ɗin da ke can.

"Kai! Wa ya aike ka?"

"Ke kinka ce..."

"Ban ce ba! Buga ta bakwai ɗin da BEFORE mu gani, tunda kai ba ka jin magana."

Ta bakwai tana neman trigger da zai rubuta lambar sabon ɗalibi a wani tebur na daban duk lokacin da aka yi masa rajista. Lambar kuwa manhaja ce ke ba da ita da kanta, a lokacin da take ajiye layin. Imrana ya sa BEFORE, manhaja ta karɓa ba gardama, ya yi murmushin wanda ya ci gari. Ya yi wa ɗalibai uku na ƙarya rajista, ya buɗe ɗayan teburin. Sifili, sifili, sifili.

"Ina lambobin?"

"Kai zan tambaya. A lokacin da trigger ɗinka ya tashi, an ba yaron lamba?"

Ya sake duba sifilan. Batir ya fara kuka, ya yi sauri ya mayar da AFTER, ya sake rajistar, lambobi suka fito, kwamfuta ta mutu. Bai ce ya gane ba, bai ce bai gane ba. Cewa kawai ya yi ta tsaya a ɗaura mata albasa, ta ce ya bar albasarsa ya je ya yi karatu. Ta koma Jega da ciwon kai da warin albasa a mayafi.

Bayan jarrabawa Dakta Abdussalam ya kira ta ofis ta taya shi tattara maki. Ta tarar da shi ya cire tabarau yana murza ido.

"Rakiya, zauna ki gaya min, wa ya hana yaran nan AFTER?"

Ashe irin tambaya ta bakwai ce ta fito, mai maki mafi tsoka, an dai canza ɗalibai zuwa majinyatan asibiti. Ta ɗauki takarda ta farko, BEFORE. Ta biyu, BEFORE. Ta Muhsin har da jan layi biyu a ƙarƙashi. Amsar da ta ba su daidai tun farko, sun bi ta da biro sun lalata, saboda Malama ta ce. Dalilinta mai layi huɗu ko kallonsa ba su yi ba.

Ta gaya wa Dakta komai. Ya girgiza kai ya ce abin da aka rubuta shi za a duba, ba zai ba kuskure maki ba. Ita ma ta san haka ne. Ta ci gaba da juya takardu, ta san wadda take nema kuma tana tsoron ganin ta.

Tana can ƙasa. Dakta ya riga ya duba sauran amsoshin Imrana, kuma ba su kai shi gaci ba. Maki bakwai suka rage masa ya haye. Saura wannan tambayar. Rakiya ta buɗe shafin. Imrana ya rubuta BEFORE kamar kowa. Sannan ya soke ta da ƙarfi har biro ya huda takarda, ya rubuta AFTER a sama. A gefe kuma, da Turancinsa mai ɗingishi, ya ƙara cewa kafin a ajiye layin majinyaci ba shi da lamba tukuna. Ya zana sifili uku manya-manya.

Dakta ya karɓa, ya bi umarnin layi-layi da jan biro. Ya cire maki ɗaya saboda wani waƙafi da ya ɓace, ya rubuta tara.

"Wannan sifilin fa na mene ne?" ya tambaya.

Rakiya ta jawo bakin mayafinta ta goge ido, tana jin haushin kanta da take kuka a kan ɗan banzan da ya sa ta hau motar kaji.

"Ya gan su ne, Dakta," ta ce. "Miƙo min ta gaba."