Labarin Yaron Zabarmari

A ɗakin taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Gomari, Serah Wilson ce aka ba aikin gabatar da babban mai jawabi, Dokta Obadiah Jona, masanin irin shinkafa. Kafin a fara, ya miƙa mata takardar tarihin karatunsa, shafi huɗu, ya ce, "Malama, karanta duka." Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ita ta koyar da shi a firamare, kuma a gabanta ya taɓa cewa malaman ƙauye ba su san komai ba.

Ta hau mumbari ta ce, "Jama'a, digirorinsa suna nan a takarda, ni labari zan ba ku. Akwai wani yaro da ya je Zabarmari aikin bincike. Wata tsohuwa, Ya Falmata, ta nuna masa irin shinkafar da ba ta mutuwa in ruwa ya yi jinkiri. Ya ɗebi irin, ya kai ɗakin gwaji, ya ba shi lamba, aka ba shi lambar yabo."

Aka fara tafi. Obadiah ya gyara babbar rigarsa yana murmushi.

Serah ta jira tafin ya lafa. "Na duba shafi huɗun nan sau biyu, ban ga sunan tsohuwar ba. Ga jikarta can a kujerar baya, na gayyato ta. Dokta, bismilla, fili naka ne."

Ya miƙe, babu mai tafi, duk kawuna sun juya baya.