Wasiƙar da Baba ya aika wa Alhaji Maliki

Wata ɗaya Alhaji Maliki mai kanti yac ce zai biya kuɗin sabulun da Baba yab ba shi, kwali talatin, naira ɗari tara. Watan ya wuce, wasu kwana sittin sunka bi bayanshi. Dilan Baba na Sakkwato kuwa ya aiko cewa in ba a biya shi ƙarshen wata ba, ko sabulu guda ba ya ƙara ba mu.

Baba ba ya iya tambayar bashi. Kullum in ya tafi kantin, gaisuwa yake yi har ta ƙare, ya sha lemo, ya komo.

"Sakinatu, ɗauko biro da kabon," yac ce mini. "Takarda ba ta jin kunya."

Ashe tana ji. Layi goma sha biyu munka yi muna yabo: Alhaji mai amana, Alhaji da duk Illela ta shaida, wanda ba mu taɓa ganin saɓaninshi ba. Can ƙasa na samu na cusa lambar takardar kayan, da ranar da anka kai su, da kuɗin, da roƙon a biya kafin Juma'a, ko a gaya muna in akwai matsala ga kayan.

"Ƙasan nan bai yi kaifi ba, ɗiyata?"

"Baba, shi kaɗai na wasiƙar."

Ya buga hatimi shina istigfari. Munka haɗa da kwafin takardar kayan, munka aje na kabon.

Ran Alhamis sai ga Alhaji da kanshi, ya zube ɗari tara cif, har da goro. Baba ya rubuta rasit, washegari ya hau motar Sakkwato. Sati guda shina gaya ma mutane cewa ladabi ya fi kotu.

Bayan wata biyu Dabo mai batir ya shigo shagonmu ba ko murmushi.

"Na'Allah, kai ka rubuta cewa Maliki mai amana ne?"

"Mi ya faru?"

"Ya zo mini da takarda, ga hatiminka, ya karanta mini yabo har na gaji. Na ba shi batir kwali ashirin bashi. Ran nan ya kai su Ƙonni ya karyar da su da araha."

Ina duƙe bayan tebur na ce a hankali, "Kawu, a buɗe take ko a ninke?"

"A ninke," in ji Dabo. "Ƙasan ban gane shi ba."

Baba ya dubi rufin kwano kamar yau ya fara ganinshi.

"To, ba komi," in ji Dabo, ya jawo benci. "Ɗiyata, rubuta mini irin taku. Ki cika yabon sosai, Maliki ya biya ni ya samu abin nunawa gaba. Yari mai shinkafa bai ji labari ba tukuna."