Filastar Malam Jibo

Tun da likitocin Sakkwato suka ce ciwon dajin Malam Jibo ya kai ga ƙashi, ɗiyarsa Lailatu ta baro ɗakinta a Talata Mafara ta dawo Dosara jinya. Ba ya iya haɗiye ƙwaya, sai aka rubuta masa filasta mai ɗauke da maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, wanda ke ratsa fata a hankali ya shiga jini.

Lailatu ce ke liƙa ta, kamar yadda nas ta koya mata. Bayan kowane kwana uku takan fara cire tsohuwar, ta ninke ta gam da gam, ta ɓoye inda yara ba sa kai wa. Sai ta nemi wuri shimfiɗaɗɗe mara gashi da ƙurji, ta goge da ruwa zalla, ba sabulu ba mai, ta bari ya bushe, ta danne sabuwar da tafin hannu har ta kama. Ba ta maimaita wuri, don kada fatar ta saɓule: ƙirji, damtse, sannan saman baya. Tsohon ya rame ƙwarai, har wurin liƙawa ya fara yi mata wuyar samu.

Wata Talata cikin damina maganin ya kusa ƙarewa. Lailatu ta liƙa masa sabuwar filasta a bayan kafaɗa, ta shiga mota zuwa Mafara karɓo wanda aka aiko, ta bar shi da yayarsa Gimbiya, wadda ta goye shi yana jariri.

Da ta dawo bayan la'asar, gidan tsit. Gimbiya ta tarye ta a tsakar gida da fara'ar da Lailatu ta daɗe ba ta gani ba.

"Taka sannu, ɗiyata, shina kwana. Tun hantsi bai yi nishi ba."

Lailatu ta ɗaga labule. Mahaifinta na kwance a rigingine, baki buɗe, leɓɓansa sun yi duhu. Sai ya ja numfashi ɗaya ya tsaya, har ta ɗauka ba zai sake ja ba. Ta kira shi, ta girgiza shi, bai motsa ba. Ta buɗe idonsa, ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura. Da ta cusa hannu bayansa sai ta taɓo gorar roba ta ruwan zafi naɗe cikin zane, da sauran ɗuminta.

"Gwaggo, mi ag ga wannan?"

"Sanyin damina ad da shi. Na ɗora mai bisa maganin, in ya huce in sake ruwa, don shi shige da kyau."

"Zahi na sa shi shiga jini gaba ɗaya, Gwaggo! Abin kwana ukku ne!"

Ta fizge filastar, ta kwantar da shi a gefe, ta ƙwala wa maƙwabcinsu Muttaka kira ya kawo motarsa. A hanya tana rungume da kan tsohon, tana kiran sunansa a kunne duk sa'ad da numfashin ya tsaya. Tun farkon jinyar nas ta ja mata kunne a kan ruwan zafi, garwashi, kwanciya a rana, har da zazzaɓi. Ita kuwa, sabulu da mai kaɗai ta tuna ta hana Gimbiya.

A asibitin Mafara aka sa masa iskar numfashi, aka yi masa allurar da ke karya ƙarfin maganin. Ya farfaɗo da ƙara, domin allurar ta dawo masa da ciwon duka. Likita ya ce sai ya kwana a wurinsu: ko an cire filasta, abin da fata ta riga ta sha yana ci gaba da shiga jini, ƙarfin allurar kuma yana iya ƙarewa kafin nasa.

Washegari Malam Jibo ya kalli ɗiyarsa, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Don mi kunka tashe ni? Tun bara ban samu kwana irin wannan ba."

Lailatu ta gyara masa matashi, ta fita baranda ta yi kuka.

Sun koma Dosara, aka ci gaba da filasta. Gimbiya ba ta ƙara shiga ɗakin ba. Takan dama kunu ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kan turmi tana jan carbi, tana sauraron nishin ƙanenta ta bango. Lailatu ta roƙe ta, shi ma ya aika a kira ta, ta ce hannunta ba shi da kyau.

Ya rasu kafin a yanke gero. Gimbiya tana kan turmin lokacin da Lailatu ta fito ta faɗa mata.